Yadda ake raba bugaggen rubutu da rubutun hannu a takardar ofis da aka yi wa sikanin

Takardar da ta zaga tebur uku ko huɗu a ofis ba ta komawa yadda aka buga ta. Wani ya soke lamba ya rubuta wata a samanta, shugaban sashe ya yi umarni a gefe, an buga hatimi a kan kwanan wata, wani kuma ya sa hannu a ƙasa. Da zarar an yi mata sikanin, duk waɗannan sun zama hoto guda, kwamfuta ba ta san wanda firinta ta buga da wanda biro ya rubuta ba. Idan ka miƙa wa manhajar karanta rubutu irin wannan hoto, za ta cakuɗa su, ta ba ka layuka masu tarkacen haruffa a daidai wuraren da suka fi muhimmanci, wato inda aka yi gyara.

Abin da ake so a ƙarshe abu uku ne: hoton bugaggen rubutu shi kaɗai, hoton rubutun hannu shi kaɗai, da bayanin da ke nuna wane rubutun hannu ne ya shafi wane layi. Hanyar da ta fi sauƙi kuma ta fi tabbas ita ce launin tawada. Idan launi ya gaza, sai a koma ga siffa da girman haruffa, wanda aiki ne mai wuya kuma sakamakonsa bai kai na farko ba. Saboda haka rabin nasarar aikin tana wajen na'urar sikanin ne, tun kafin a taɓa kowace manhaja.

Ga shafin da za mu bi da shi daga farko har ƙarshe. Takardar sanarwa ce ta cikin gida, girman A4, an buga ta da baƙar tawadar firinta a girman rubutu 12. A layi na tara an rubuta cewa a dawo da fom cikin kwana 14, sai wani ya soke 14 da shuɗin biro ya rubuta 21 a sama. A gefen hagu akwai umarni da jan biro. Hatimi mai launin shunayya ya hau kan kwanan wata, a ƙasa kuma akwai sa hannu da baƙin biro wanda jelarsa ta ratsa layin ƙarshe.

Mataki na farko: sikanin da ba ya zubar da launi

Idan takardar tana hannunka, ka sake yi mata sikanin ko da an riga an yi. Ka zaɓi cikakken launi, ka sa 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, ka ajiye a TIFF ko PNG. Shafin A4 a wannan ma'auni yana fitowa da ƙananan ɗigon hoto, wato fiksel, 2480 a faɗi da 3508 a tsawo, kuma milimita ɗaya tana ɗaukar kusan fiksel 12. Ka riƙe wannan lissafi, domin duk lambobin da za mu yi amfani da su nan gaba a kansa suke. Idan rubutun ƙanana ne ko biron siriri ne ƙwarai, ka haura 600 dpi, sannan ka ninka duk ma'aunin fiksel sau biyu.

Dalilin guje wa JPEG shi ne yadda yake rage nauyin fayil. Yawanci yana ajiye haske da duhu cikakke, amma bayanin launi yana rage shi zuwa rabi a faɗi da rabi a tsawo, saboda idon mutum ba ya lura. Mu kuwa launin ne jarinmu. Layin biro bai wuce kaurin fiksel huɗu zuwa shida ba, to idan aka dama launinsa da na maƙwabtansa, shuɗin zai malala kan baƙaƙen haruffan da ke kusa, iyakar da muke nema ta ɓace.

Ka kuma kashe duk wani zaɓi da na'urar ke kira gyaran rubutu, cire launin baya ko matse PDF. Waɗannan zaɓuɓɓuka suna yanke hukunci a madadinka, su mayar da duk abin da suka ɗauka rubutu ne baƙi ƙirin. Matsewa mai tsanani tana iya yin abin da ya fi haka muni: a shekarar 2013 masanin kwamfuta David Kriesel ya nuna cewa wasu na'urorin Xerox masu amfani da tsarin matse hoto na JBIG2 suna musanya lambobi masu kama da juna, kamar 6 da 8, a cikin takardun da aka yi wa sikanin.

Idan kuwa PDF kawai aka turo maka, kada ka ɗauki hoton allon kwamfuta. Ka duba abin da ke cikinsa, ka ciro hoton yadda yake:

```
pdfimages -list takarda.pdf
pdfimages -png takarda.pdf shafi
```

Umarnin farko zai nuna maka ko hoton `rgb` ne ko `gray`, da yawan dpi ɗinsa, da irin matsewar da aka yi masa. Idan ka ga `gray` ko hoto mai `bpc` 1, wato baƙi da fari zalla, launi ya riga ya tafi, sai ka yi mataki na biyu, sannan ka tsallake zuwa sashen baƙi a kan baƙi, kana ɗaukar `daidai` a matsayin `bugu`. Idan ka ga hotuna da yawa a shafi ɗaya, na'urar ta riga ta yanka shafin gida-gida, a nan gara ka haɗa shi da `pdftoppm -r 300 -png takarda.pdf shafi`. Ko ta wace hanya ka samu hoton, ka ajiye na asali a wani wuri daban, ka yi aiki a kan kwafi mai suna `shafi.png`.

Mataki na biyu: miƙe shafi da daidaita farin takarda

Karkatar digiri ɗaya kacal tana sa ƙarshen layi mai tsawon fiksel 2000 ya sauka da kusan fiksel 35, wanda ya fi tsayin ƙaramin harafi. Wannan ba ya damun aikin launi, amma zai lalata aikin siffa da ke tafe. ImageMagick, manhajar sarrafa hoto, yana miƙe shi da umarni ɗaya:

```
magick shafi.png -deskew 40% +repage mike.png
```

Sai farin takarda. Tsohuwar takarda tana yin rawaya-rawaya, inda aka ninke ta kuma yana yin inuwa. Idan ba a gyara wannan ba, rawayar za ta shiga lissafi a matsayin launi. Dabarar ita ce a ƙiyasta yadda takardar za ta kasance ba tare da rubutu ba, sannan a raba hoton da wannan ƙiyasi. Ga yadda ake yi da OpenCV, kayan sarrafa hoto, a Python:

```python
import cv2, numpy as np
hoto = cv2.imread("mike.png")
fari = cv2.dilate(hoto, np.ones((25, 25), np.uint8))
fari = cv2.medianBlur(fari, 51)
daidai = cv2.divide(hoto, fari, scale=255)
```

Layi na uku yana faɗaɗa haske har ya haɗiye duk wani zane da bai kai kaurin fiksel 25 ba, abin da ya rage shi ne takarda zalla. Akwai abin lura a nan: alƙalamin haskaka rubutu, irin mai rawaya ko ruwan hoda ɗin nan, faɗin layinsa ya fi fiksel 25, don haka wannan mataki zai ɗauke shi a matsayin takarda ya wanke shi. Ga bugaggen rubutu wannan alheri ne. Amma idan kana bukatar sanin layukan da aka haskaka, ka ciro su daga hoton da ba a daidaita ba tukuna.

Mataki na uku: auna tawadar kafin ka yanke iyaka

Kowane fiksel lambobi uku ne, ja da kore da shuɗi, kowace daga 0 zuwa 255. Ka buɗe hoton a GIMP, manhajar gyaran hoto, ko makamancinsa, ka zuƙo shi sosai, ka ɗora abin ɗaukar launi a tsakiyar kowace irin tawada, wuri biyar ko shida, har da inda biron ya yi haske. A ce a shafinmu ka samu kamar haka: takarda 250, 250, 248, tawadar firinta 35, 35, 38, shuɗin biro 45, 60, 150, jan biro 200, 50, 55, hatimi 120, 70, 160. Naka za su bambanta, shi ya sa ake aunawa.

Yanzu ka ɗebe ƙaramar lamba daga babbar a kowanne. Takarda ta ba da 2, firinta 3, shuɗi 105, ja 150, hatimi 90. Wannan tazara ita ce ma'aunin launi da za mu yi aiki da shi. Fari da baƙi da toka duk tazararsu ƙarama ce, domin lambobinsu uku suna tafiya tare. Duk abin da ke da launi tazararsa babba ce. Tsakanin 3 da 90 akwai fili mai yawa, iyaka 40 ta zauna daram.

Jagorori da dama suna cewa a yi amfani da ma'aunin `S` na tsarin HSV, mai bayyana launi da irinsa da ƙarfinsa da haskensa, ni kuwa ban ba da wannan shawara ba. `S` yana raba tazarar da babbar lamba, to a fiksel mai duhu ƙaramin bambanci sai ya kumbura. Fiksel mai 10, 12, 20 baƙi ne a idon kowa, tazararsa 10 ce kawai, amma `S` ɗinsa rabin ma'auni ne cur. Sakamakon shi ne tsakiyar baƙaƙen haruffa ta riƙa faɗawa cikin rubutun hannu, haruffan su fito da huji-huji. Tazara zalla ba ta da wannan matsala.

```python
babba = daidai.max(axis=2)
tazara = babba - daidai.min(axis=2)
launi = (tazara > 40).astype(np.uint8) * 255
launi = cv2.morphologyEx(launi, cv2.MORPH_OPEN,
                         np.ones((3, 3), np.uint8))
```

Layin ƙarshe yana da dalili. Na'urar sikanin ba ta ɗora ja da kore da shuɗi a wuri ɗaya cif-cif, saboda haka gefen kowane baƙin harafi yakan sami siririn zare mai launi, fiksel ɗaya ko biyu. Idan ka duba taswirar launi, wato hoton `launi` da ke nuna inda tawada mai launi take, kafin wannan layi, za ka ga fatalwar dukkan bugaggen rubutun a ciki. Layin yana share duk abin da bai kai kaurin fiksel uku ba, zaren ya tafi, biro mai kaurin biyar ya tsira. Idan ka ga wutsiyoyin haruffan hannu suna yankewa inda marubucin ya ɗaga biro, ka rage zuwa 2 da 2.

Inda biro ya hau kan harafi

Wannan shi ne wurin da aikin ke lalacewa a hannun mafi yawan mutane, kuma a shafinmu shi ne daidai kan 14 ɗin da aka soke. Abin da ya kamata a fahimta shi ne shuɗiyar tawada a kan baƙa ba ta mayar da ita shuɗiya. Baƙin ya riga ya shanye hasken, don haka mahaɗar tana fitowa baƙa ko kusa da baƙa, tazararta ƙarama. Ma'ana fiksel ɗin mahaɗa na bugaggen rubutu ne, kuma harafin yana nan lafiya a ƙarƙashin sokewar matuƙar ba mu muka cinye shi ba.

Yadda ake cinye shi kuwa sananne ne. Gefen layin biro yana dusashewa a hankali zuwa fari, to idan ka share abin da ya haura iyaka kawai, wata inuwa mai haske za ta rage a gefe biyu. Maganinta shi ne faɗaɗa taswirar da fiksel biyu kowane gefe. Amma faɗaɗawar tana hawa kan harafin da ke kusa, idan ka shafe duka da fari sai ka datse 1 da 4 gida biyu. Don haka kafin shafewa sai a keɓe baƙi na gaskiya, a ce kada a taɓa shi:

```python
fadi = cv2.dilate(launi, np.ones((5, 5), np.uint8))
baki = (babba < 90) & (tazara < 40)
cire = (fadi > 0) & ~baki
bugu = daidai.copy()
bugu[cire] = 255
hannu = np.full_like(daidai, 255)
hannu[cire] = daidai[cire]
cv2.imwrite("bugu.png", bugu)
cv2.imwrite("hannu.png", hannu)
```

Lambar 90 ita ce za ka fi wasa da ita. Idan ta yi ƙasa, haruffan da aka soke za su rame ko su tsinke. Idan ta yi sama, baƙaƙen ɗigo za su rage a kan hanyar biro, musamman inda marubucin ya danna ko tawada ta taru a kwanar harafi. Ka zuƙo kan 14 ɗin ka gwada 70, 90 da 110, ka zaɓi wadda lambobin suka fito cikakku ko da ɗan datti ya rage. Datti ana iya share shi daga baya, harafin da ya tsinke kuwa sai dai a yi hasashe.

Wajen share dattin ma a yi hankali. Aya a rubutu mai girman 12 faɗinta fiksel biyar ko shida ne, wato tana cin fiksel ashirin da wani abu gaba ɗaya, ɗigon saman harafin i ma kusan haka. Ka share guntayen da ba su kai fiksel 10 ba, kuma a cikin yankin `fadi` kaɗai. Wanda ya share ƙananan ɗigo a dukkan shafi zai iya mayar da 2.5 ta zama 25 bai sani ba.

A ɗaya ɓangaren, hoton rubutun hannu zai fito da giɓi a duk inda ya ratsa harafi, tunda mun bar wa bugu waɗannan fiksel. Ido yana karanta shi a haka ba wahala, ni nakan bar shi. Idan dole ne a cike, `cv2.MORPH_CLOSE` mai 7 da 7 a kan taswirar yana haɗa ƙananan giɓi, sai dai yana iya toshe cikin ƙananan haruffa irin e da a, kuma abin da ya cika ƙiyasi ne.

Raba marubuta, da tarkon bugu mai launi

Yanzu `hannu` yana ɗauke da shuɗi da ja da hatimi a haɗe. A nan ne HSV ke da amfani, ta ma'aunin `H` da ke faɗin irin launin. A OpenCV yana tafiya daga 0 zuwa 179. Shuɗin bironmu ya faɗa wajen 116, hatimi wajen 137, jan kuwa 179. Ja yana zaune a bakin da'irar ne, rabinsa kusa da 0 rabinsa kusa da 179, shi ya sa ake kama shi ta gefe biyu:

```python
h = cv2.cvtColor(daidai, cv2.COLOR_BGR2HSV)[:, :, 0]
shudi = (launi > 0) & (h >= 95) & (h <= 126)
hatimi = (launi > 0) & (h > 126) & (h < 160)
ja = (launi > 0) & ((h <= 10) | (h >= 170))
```

Shuɗi da shunayya maƙwabta ne, inda sa hannu ya hau kan hatimi ba za su rabu tsaf ba. Biro biyu masu shuɗi daban-daban ma da wuya wannan ya bambance su, kuma launi ɗaya ba hujja ba ce cewa mutum ɗaya ne ya rubuta.

Ka kuma tuna cewa ba duk mai launi ne rubutun hannu ba. Tambarin ma'aikata a saman takarda, adireshin intanet da aka buga da shuɗi, jan kanu, layukan fom masu launi, duk za su bi biro su fita. Mafita mai sauƙi ita ce ka zana akwati a kansu ka ce `launi` ya zama sifili a ciki kafin matakin shafewa. Idan takardun ɗari ne masu kai iri ɗaya, akwati ɗaya ya ishe su. Takardar tafireta kuwa sai an auna ta da kyau, domin tsohon ribon yakan koɗe ya karkata zuwa shunayya, wani ribon rabinsa ja ne, kwafin kabon kuma yakan zo da shuɗi. Idan bugun kansa shuɗi ne, biron ma shuɗi, launi ya tashi daga aiki.

Baƙi a kan baƙi

Saura sa hannun da ke ƙasa, wanda har yanzu yana cikin `bugu`. Kafin ka fid da rai, ka auna shi. Baƙin biro na yau da kullum sau da yawa haɗin rini ne mai ɗan karkata zuwa shunayya ko shuɗi, kuma bai kai tawadar firinta duhu ba. Idan ka samu tazararsa tana kai 20 ko 25 alhali ta firinta ba ta wuce 8 ba, ka sake matakin launi a wannan yanki kaɗai da iyaka 15 a madadin 40, a lissafin `launi` da na `baki` duka. Fensir ma yakan rabu ta hanyar haske, tunda toka-toka ne. Masu binciken takardu suna da wata hanya, hasken da ya wuce ja wanda ido ba ya gani: a ƙarƙashinsa yawancin tawadar rini tana ɓacewa, tawadar firinta mai sinadarin gawayi kuma tana nan baƙa. Na'urar ofis ba ta yin wannan, amma yana da kyau a san akwai shi idan takardar ta shari'a ce.

Idan aunawa ba ta ba da komai ba, sai siffa. Bugaggen rubutu yana da ɗa'a: haruffansa tsayinsu ɗaya, suna zaune a kan layi ɗaya miƙaƙƙe, tazarar layuka ba ta canzawa, kuma yawanci kowane harafi a ware yake. A girman 12 da 300 dpi, ƙaramin harafi kamar a yana kai fiksel 22 zuwa 26 gwargwadon salon rubutun, babban harafi kuma 33 zuwa 36. Rubutun hannu ba ya bin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Za mu mayar da hoton baƙi da fari, mu ƙirga kowane dunƙule na tawada da ke haɗe, mu auna shi:

```python
toka = cv2.cvtColor(bugu, cv2.COLOR_BGR2GRAY)
_, bw = cv2.threshold(toka, 0, 255,
        cv2.THRESH_BINARY_INV + cv2.THRESH_OTSU)
n, lamba, bayani, _ = cv2.connectedComponentsWithStats(bw)
tsayi = bayani[1:, cv2.CC_STAT_HEIGHT]
print(np.median(tsayi))
```

Tunda bugaggun haruffa sun fi yawa nesa ba kusa ba, matsakaicin tsayin da zai fito nasu ne. Duk dunƙulen da ya ninka wannan sau biyu da rabi abin tuhuma ne, haka wanda ya faɗo a gefen takarda inda babu bugu, haka wanda ke zaune a farin da ke tsakanin layuka biyu. Don gano inda layukan suke, ka tara baƙaƙen fiksel na kowane jeri daga hagu zuwa dama da `bw.sum(axis=1)`: lambar tana tashi a kan layin rubutu, tana faɗuwa kusan sifili a tsakani. Kanun takarda, layukan tebur da ja-layin ƙarƙashin kalma za su shiga cikin waɗanda ake tuhuma, sai ka fitar da su da ido.

Tafireta ta fi kowa sauƙi a nan, domin kowane harafi yana cin wuri daidai da ɗan'uwansa. Mai haruffa 10 a inci tana ba kowanne fiksel 30, mai 12 tana ba da 25, layuka shida a inci kuma fiksel 50 ke nan tsakaninsu. Kana iya shimfiɗa raga a kan shafin, duk abin da bai zauna cikin gidan raga ba ka san ba tafireta ce ta buga shi ba.

Shaida ta biyu ita ce manhajar karanta rubutu da kanta. Tesseract an gina shi ne don bugaggen rubutu, rauninsa a kan rubutun hannu kuwa mu amfani yake mana:

```
tesseract bugu.png fita --psm 3 tsv
```

Fayil ɗin `fita.tsv` yana ba da kowace kalma da akwatinta da lambar `conf`, wadda ke nuna yadda manhajar ta amince da karatunta, har zuwa 100. Bugu mai tsabta yakan sami lamba mai yawa, rubutun hannu kuma ko dai a tsallake shi ko ya fito da ƙaramar lamba da haruffa marasa ma'ana. Kada ka dogara da wannan shi kaɗai. Mutumin da ya rubuta manyan haruffa a ware da kyau zai iya samun lamba mai yawa, bugaggiyar kalmar da hatimi ya taɓa kuma ta sami kaɗan. Ka mayar da dunƙule zuwa `hannu` ne idan shaidu biyu sun haɗu a kansa, siffarsa ta saɓa kuma babu kalma mai ƙarfi da ta rufe shi.

Jelar sa hannun da ta ratsa layin ƙarshe ita ce iyakar wannan hanya. Ta manne da haruffa uku ko huɗu, duka sun zama dunƙule ɗaya babba. Idan ka tura shi `hannu`, haruffan sun tafi da shi. Idan ka bar shi, sa hannun ya zauna a cikin bugu. Babu lambar da za ta warware wannan, domin a mahaɗar fiksel ɗin na su biyun ne kuma kamarsu ɗaya. Abin da ya dace shi ne ka kwafi dunƙulen zuwa hotunan biyu, ka buɗe kowanne a GIMP ka goge abin da ba nasa ba da hannu, sannan ka rubuta cewa an taɓa wannan wuri. Akwai manhajojin da aka horar su rarraba kowane fiksel, suna taimakawa idan shafukan dubbai ne, amma su ma a irin wannan mahaɗa hasashe suke yi, kuma kalmomin wurin sai mutum ya karanta su daga hoton asali.

Yadda za ka san aikin ya yi

Gwajin farko na lissafi ne. Ka sake haɗa hotunan biyu ka kwatanta da wanda ka fara da shi:

```python
hade = np.minimum(bugu, hannu)
saura = cv2.absdiff(daidai, hade).max(axis=2)
cv2.imwrite("saura.png", 255 - saura)
```

Hoton `saura.png` ya kamata ya fito fari in ban da ƙurar da ka share da gangan. Duk wani abu mai siffar harafi, aya ko waƙafi da ka gani a ciki tawada ce da ta ɓace daga ɓangarorin biyu. Sai dai wannan gwaji yana nuna cewa ba a yi asara ba ne kawai, ba ya nuna ko kowane abu ya tafi gidansa. Don haka sai gwaji na biyu, na ido: ka rina `hannu` da launi mai ƙarfi ka ɗora a kan `bugu`, ka bi duk mahaɗa ɗaya bayan ɗaya. A shafinmu wurare uku ne, kan 14, kan kwanan wata da layin ƙarshe. Lambobi, ranaku da sunaye su ne za ka karanta harafi-harafi kana kallon hoton asali, domin kalma idan ta rasa harafi mai karatu zai gane, amma 14 da ta koma 11 ba mai lura.

Abu na ƙarshe shi ne ma'ana, kuma ina ganin ya fi duk lissafin nan nauyi. Hoton `bugu` mai tsabta yanzu yana cewa kwana 14, ba alamar sokewa, alhali abin da ofis ya tsayar shi ne 21. Duk wanda ya ga wannan hoto shi kaɗai zai ɗauki abin da aka riga aka janye. Saboda haka kowane rubutun hannu yana bukatar layi guda a takardar bayani: lambar shafi, inda yake a fiksel, launinsa, irinsa, layin da ya shafa da abin da ya ce. Na farko a shafinmu zai zama kamar haka: shafi na 1, layi na 9, shuɗin biro, an soke 14 an rubuta 21 a sama. Inda ba ka iya karanta kalma ba ka rubuta cewa ba ta karantu ba, kada ka cike da zato.

Sunan fayil ɗin da aka tsabtace ya nuna a fili cewa sarrafaffe ne, kuma ya zauna a jaka ɗaya da na asali da takardar bayani. Ka ɗauki lambar shaidar na asalin da `sha256sum` ka rubuta ta a cikin bayanin, don a iya tabbatar da cewa ba a taɓa shi ba. Hoton `hannu` kuwa a taƙaita masu iya buɗe shi, domin sa hannu da hatimi da aka ware a kan farin fili abu ne da za a iya ɗorawa a kan kowace takarda. Idan aikin bai bukaci su ba, ka rufe wurinsu da akwati a kwafin da za a rarraba, ka rubuta a bayani cewa akwai sa hannu a nan.